Fassarar kyamara ta isa mutum ya karanta allunan hanya a Saudiyya?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasar. In Allah ya yarda zan kai Hajiyarmu Umara, kuma wannan karon ba ta hannun ejan za mu bi ba, ni zan yi komai da kaina, har ina tunanin ɗaukar hayar mota a Jidda saboda ƙafarta ba ta son yawan hawa da sauka, maganar lasisi na riga na gama da ita. Larabcina na karatun Alƙur'ani ne kawai, ina haɗa baƙi amma ban san ma'ana ba. Wani abokina ya ce kada in damu, in buɗe kyamarar Google Translate in haska allo, nan take rubutun zai juye ya koma Hausa ko Turanci a kan sikirin. Na gwada a kan kwalin dabino a gida kuma ya yi aiki. Tambayata, za a iya dogara da shi a allunan titi da sanarwar da ake liƙawa a otal da tasha? A ina yake yaudarar mutum?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Ni dai ya yi min amfani sosai wallahi, a kantin magani da wajen sayen abinci da shi na dinga karanta komai. Allah ya kai ku lafiya, a sa mu a addu'a.

Sadiq_Fagge:
Kai Alhaji kwantar da hankalinka, manyan allunan hanya a Saudiyya duk da Turanci a ƙasan Larabcin. Daga filin jirgi har Makka ba za ka buƙaci wata kyamara ba. Ka kunna taswira kawai ka bi.

DirebanJidda:
Abu_Hanan barka da niyya, Allah ya karɓa. Ni tuƙi ne sana'ata a nan, na daɗe ina ɗaukar baƙi tsakanin Jidda da Makka da Madina, to bari in faɗa maka abin da nake gani.

Maganar Sadiq gaskiya ce a kan manyan tituna. Allon da ke nuna Makka, Madina, filin jirgi, duk harshe biyu ne, har allon nan na kusa da shiga Makka da ke raba hanyar Musulmi da ta waɗanda ba Musulmi ba. Amma ba waɗannan ke jawo wa baƙo tara ba. Abin da ke kama mutane shi ne ƙaramin allon da ake ɗaurawa a ƙarƙashin babba, da takardar da mai gadi ya buga a firinta ya liƙa a ƙofa, da rubutun wucin gadi na masu gyaran titi. Waɗannan da yawansu Larabci ne zalla, kuma a cikinsu sharaɗin yake: daga ƙarfe nawa zuwa nawa, wace rana, ban da su waye.

Ga misali na ƙofar wata makaranta a unguwarmu, layi uku ne:

ممنوع الوقوف
من ٧ ص إلى ٢ م
ما عدا الجمعة والسبت

Ma'anarsa, an hana fakin daga bakwai na safe zuwa biyu na rana, ban da Juma'a da Asabar. Wani baƙo da na ɗauko ya haska shi daga cikin mota ta gilashi. Layin farko ya fito masa "No standing", ya ɗauka mutane aka hana tsayuwa a gefen titi, don kalmar tsayuwar mutum da tsayuwar mota ɗaya ce a Larabci. Layi na biyu bakwai ɗin ta koma harafin V, sannan م ɗin ƙarshe ya zama "m", sai abin ya yi kama da maganar mita biyu. Layi na uku kuwa bai ma juye ba, ya zauna da Larabcinsa saboda inuwar bishiya ta faɗa kansa. To ka ga babbar kalmar ta fito kusan daidai, amma lokaci da ranaku, waɗanda su ne za su sa a ɗauke maka mota ko a bar ta, duk sun lalace.

Abu_Hanan:
Ikon Allah. To Malam Direba me ya kawo mita a maganar lokaci?

DirebanJidda:
Taƙaitawa ce. ص na nufin safe, م na nufin daga azahar zuwa dare. Amma wannan م ɗin dai shi ake sawa a mita, kamar ٥٠٠ م a allon da ke cewa saura mita ɗari biyar, kuma shi ake sawa bayan shekara in ta miladiyya ce. Mutum yana ganin ص a gaba ya san lokaci ake nufi. Waya kuwa in ta kasa karanta rabin layin farko, sai ta yanke hukunci da abin da ya rage mata.

Injiniya_Zariya:
Bari in ɗan ƙara a kan abin da Direba ya ce, don in mutum ya gane yadda abin ke aiki zai san inda zai sa ido. Aiki biyu ake yi a jere. Na farko wayar ta gano baƙaƙen da ke cikin hoton ta mai da su rubutu, na biyu ta fassara wannan rubutun. In na farko ya kuskure, na biyu ba shi da labari, zai fassara kuskuren ne da kyakkyawar jimla mai daɗin karantawa, sannan a shafe rubutun asali a ɗora sabon a kansa da irin kalar allon. Wannan shafewar ce ta fi damuna, saboda ka daina ganin abin da za ka gwada da shi.

Kuma Larabci ɗigo ne ke raba baƙi da yawa, ب da ت da ث da ن da ي a tsakiyar kalma jikinsu ɗaya. Ƙura, ko tsatsar ƙusa, ko hasken rana a kan allo, sun isa su ƙara ɗigo ko su cinye shi. Ga kuma rashin wasali, مخرج zai iya zama mafita, zai iya zama daraktan fim, kuma allo kalma ɗaya ce tak ba jimlar da za ta nuna wanne ake nufi. Amma in ka sauke harshen a wayarka tun daga gida shi ke nan matsalar ta ƙare, don yawancin shirmen daga raunin netwok ne.

DirebanJidda:
Injiniya bayaninka na sama ya yi, amma na ƙarshen ban yarda ba. Baƙon da na ba da labarinsa netwok ɗinsa cike yake, layin nan ƙasar ne a wayarsa. Saukewa tana da amfani don kada ka tsaya cak inda babu sabis, kamar wasu wurare a hanyar Madina, amma ba ta gyara ɗigon da rana ta cinye. Ni a gwajin da nake yi ma, fassarar da babu data ta fi zama gutsure-gutsure.

Injiniya_Zariya:
Eh na karɓa, wadda ake saukewa ƙarama ce dole ta fi rauni. Abin da nake nufi kada ya sauka filin jirgi ba shi da komai a hannu.

Baban_Khalifa:
Ni shawarata ka kiyayi kyamarorin nan, ba sa wasa. Ƙanina ya dawo ya tarar da tara a kansa har kala uku, ko ɗan sanda bai tsayar da shi ba. Suna ɗaukar lamba ne kawai.

Sadiq_Fagge:
Baban Khalifa ba kyamarar Sahir mai kama laifin tuƙi ake magana ba, ta waya ce mai fassara.

DirebanJidda:
Ba ita ake nufi ba amma maganarsa ta shigo daidai wajen. Riƙe waya a hannu kana tuƙi laifi ne a nan, tararsa daga riyal 500 take farawa, kuma kyamarorin titi suna kama shi. To Abu_Hanan cire tunanin haska allo kana kan sitiyari, ko ba tara ma, mota na gudun 120 allon ya wuce kafin rubutun ya daina rawa. Kuma za ka ga alluna masu ɗauke da ساهر, sunan tsarin kyamarorin ne, waya na iya fassara maka shi da mai kwana ido biyu ko wani abu makamancin haka, sai ka wuce ba ka san gargaɗi aka yi maka ba.

Malam_Habu_Gwale:
Abu_Hanan, tunda ka ce kana haɗa baƙi, kana da abin da ya fi kyamarar nan a wuri guda, wato lambobi. Buɗe Mus'hafinka bugun Madina ka dubi lambar shafi da ta ayoyi, su ne dai a kan allunan. Zauna da su kwana biyu za su zauna maka. Wuraren da ake tuntuɓe kaɗan ne: ٥ biyar ce ba sifili ba, sifili ɗigo ne kawai ٠, sannan ٦ shida ce duk da ta yi kama da bakwai ɗin boko, ٧ bakwai bakinta sama, ٨ takwas bakinta ƙasa, ٢ da ٣ kuma haƙori ɗaya ne tsakaninsu. Lamba kuma daga hagu ake karanta ta kamar ta boko, ko da rubutun yana tafiya daga dama.

Wanda ya yi karatun allo da rubutun Warshu kuma ya lura, fa ɗinmu ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A can ɗigo ɗaya a sama fa ce, ƙaf biyu gare ta. Kada ka ga قف a mahaɗa ka tsaya lissafi, tsaya ake nufi, kuma jan allon mai kusurwa takwas ya riga ya gaya maka.

Injiniya_Zariya:
Malam ya taɓo inda ya fi haɗari. Sifilin nan da yake ɗigo, waya na yawan ɗaukarsa a matsayin datti ko aya ta yar da shi. ٥٠ ta koma 5 ko ma 0, ١٠٠ ta koma 1. Kuma kuskuren lamba ba ya nuna kansa, in kalma ta lalace za ka ga jimlar ba ta yi ma'ana ba, amma 5 a madadin 50 lafiya lau za ta zauna a cikin jimla.

Hajiya_Turai:
Ni abin da ya same ni ba a titi ba ne, a otal ne a Makka. Sun liƙa takarda a jikin lif a kan motar da ke kai mutane Harami, na haska, ta ce min motar tana aiki ranar Juma'a daga tara zuwa biyu. Na shirya tsohuwata muka sauko goma saura, muka zauna shiru babu mota. Ashe cewa aka yi motar tana tsayawa a wannan lokacin saboda rufe hanyoyi na sallar Juma'a. Kalmar farko ta takardar ta lanƙwashe a inda salatif ya kama ta. Da ƙyar muka samu tasi, shi ma nesa ya ajiye mu, tsohuwa ta sha tafiya a rana. Abu_Hanan tunda da Hajiya za ka, duk abin da ya shafi lokacin mota ko jirgin ƙasa ka tambayi na kan kanta da baki, ko da nuni ne da agogo.

Maman_Ilham:
Subhanallah, sannu Hajiya. Ni kam ban taɓa cin karo da irin wannan ba, ƙila don kwali da kwalba na fi haskawa.

Injiniya_Zariya:
Shi ne dalilin Maman Ilham. Kwali yana hannunki, rubutun inji ne mai tsabta, kina iya kusanto shi ki juya shi, kuma jimlolin dogaye ne. Shi ma Abu_Hanan kwalin dabino ya gwada, wato jarrabawa mafi sauƙi ya ba ta.

DanXiaobei:
Ku da kuke Saudiyya ma kuna da sauƙi, kuna iya haɗa baƙi. Mu a Guangzhou ko ɗigo ba ka ganewa, kuma Google ba ya aiki sai da VPN, mafi yawanmu da sikanin ɗin cikin WeChat muke fassara. Abin da nake so in ƙara shi ne sunayen wurare. Waya ba ta san suna suna ne ba, fassara shi take yi. Unguwar da 'yan Afirka suka fi zama sunanta 小北, ana kiranta Xiaobei, tashar jirgin ƙasa ce a layi na 5, amma in ka haska wani lokaci "Little North" za ka gani. Je ka ce wa ɗan tasi haka ka ga ko zai gane. Sabon zuwa ya taɓa kirana yana cewa yana tsaye a wani titi, ya karanto min fassarar Turanci, na rasa ina ne a duniya, sai da na ce ya turo hoton allon kawai.

Na biyu allon lantarki na tashar jirgi. 正在检票 na nufin ana kan shiga, 停止检票 na nufin an rufe shiga. Baƙi biyun ƙarshe iri ɗaya ne, bambancin na gaba ne, kuma allon yana walƙiya a kyamara, wani sashe ya ɗauke wani ya dawo. In biyun farko suka ɗauke sai ka ga maganar duba tikiti kawai ka ci gaba da zama. Ni yanzu kala nake kallo, kore a shiga, ja an rufe.

DirebanJidda:
Maganar suna tana nan ma. Akwai wurin da motocin Harami ke tashi ta ɓangaren Aziziyya, sunansa محبس الجن, Mahbasul Jinni. Haska shi ka ga, kurkukun aljanu za ta ce maka, wata baiwar Allah har ta ƙi hawa motar. Haka Misfala da Jarwal da Kudai da Ajyad, sunaye ne, in waya ta juya su ba za ka same su a taswira ba kuma ba wanda zai gane ka. Ka rubuta sunan unguwar otal ɗinka da Larabci a takarda, ka koyi kamanninsa da ido.

A Harami kuma lamba ta fi suna amfani, ƙofar Sarki Abdul'aziz 1, ta Sarki Fahad 79. Rubutun saman ƙofofin na ado ne, baƙaƙe sun hau kan juna, kyamara ba ta iya shi sam. Ka dubi fitilar bakin ƙofa kamar yadda ɗan China ya ce, kore a shiga, ja an cika.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum. Tambaya gare ni, mi ya sa kowa ke cewa a fassara zuwa Turanci? Mu nan Faransanci muka yi, wasu ma ba su yi lakkwal ba sam. Ba a iya sa shi ya fito da Hausa kai tsaye?

Sadiq_Fagge:
Ana iyawa mana, Hausa tana ciki tun 2013. Ni da ita nake amfani.

Injiniya_Zariya:
Tana ciki, amma ga abin da na lura. In ka sa Larabci zuwa Hausa, sau da yawa Hausar tana fitowa da ƙamshin Turanci, kamar ta can ta biyo, kuma duk kuskuren da aka yi a hanya sai ya ƙaru. Ɗauki misalin Direba, in tsayuwar mota ta riga ta zama tsayuwar mutum, Hausar za ta ce maka babu tsayawa ko an hana tsayuwa, ba za ka taɓa jin kalmar fakin ba. Issoufou kai da ka iya Faransanci ka sa shi, ya fi Hausa ƙwari a wajen injin saboda rubutun da aka koyar da shi da shi ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Malam_Habu_Gwale:
Amma Injiniya wanda bai iya ko ɗaya ba fa? Mahajjatanmu na ƙauye da yawa Hausa ce kawai. Hausa mai rauni ta fi babu. Kuma wani lokacin Larabcin ya fi kusa da Hausa, Juma'a, Asabar, haramun, mamnu'i duk wanda ya zauna gaban malami ya taɓa ji.

Injiniya_Zariya:
Ban ce kada su yi ba Malam. Cewa nake wanda ke da zaɓi ya duba duka biyun, in suka saɓa ya san akwai matsala.

Issoufou_Maradi:
To na ji. Ni dai abin da na sani daga allunan Faransanci, kalma guda ƙarama "sauf" ita ke juya allo gaba ɗaya, an hana shiga amma ban da mazauna layin, ko ban da bas. Kullum a ƙaramin allo take a ƙasa. Ashe Larabawa ma haka su kai.

Kabiru_Hamburg:
Ko'ina haka ne ɗan uwa. A Jamus kalmar ita ce "frei". Za ka ga allon hana shiga, a ƙasa an rubuta "Anlieger frei", waya ta ce maka "free", sabon zuwa ya ɗauka kyauta ne ko hanya a buɗe take, alhali nufinsu an hana kowa sai mai wata hulɗa a layin. Sai "werktags" da ke fitowa a ranakun aiki, kai kuma ka ɗauka Litinin zuwa Juma'a, alhali a dokarsu har da Asabar. Nan fassarar ba ta yi ƙarya ba, kalmar daidai ce, dokar ƙasar ce ba ta cikin kalmar. A Sweden ma abin ya fi haka, lokacin da aka sa a cikin baka na Asabar ne da jajibirin hutu, wanda aka rubuta da ja na Lahadi ne da ranar hutu. Babu kalma ko ɗaya da za a fassara, kala ce da baka, waya za ta ba ka lambobin tsirara.

DirebanJidda:
Kabiru ka tuna min. A nan hutun mako Juma'a da Asabar ne tun 2013, Lahadi ranar aiki ce cur. To in sanarwa ta ce ranakun aiki, Lahadi zuwa Alhamis take nufi. Baƙonmu na Najeriya yakan ajiye mota ranar Lahadi da safe a gaban ma'aikata yana ganin ai yau hutu ne.

Sai kwanan wata. In ka ga هـ a ƙarshe Hijiriyya ce, kamar ١٤٤٧/٣/١٥ هـ, rana a dama, shekara a hagu. Waya ba ta mayar maka da shi miladiyya, lambobin kawai take kwafowa, wani lokacin ma ta juya jerin ko ta yar da هـ ɗin. Gwamnati ta koma miladiyya a yawancin harkokinta tun 2023 amma har yanzu za ka ga Hijiriyya a sanarwa, musamman abin da ya shafi Harami da aikin Hajji. Kuma lissafinsu na Ummul Ƙura ne, yana iya bambanta da ganin watan gida da kwana ɗaya.

Abu_Hanan:
Gaskiya na ƙaru, Allah ya saka. To yanzu in na tsaya a gaban allo, ƙafata a ƙasa ba a mota ba, ya zan yi in rage kuskuren? Don ba zan ce zan bar amfani da ita gaba ɗaya ba.

Injiniya_Zariya:
Kar ka bari, gyara yadda kake yi kawai. Da farko cire shi daga "Detect language" ka zaɓi Larabci da hannunka, don a gajeren rubutu yana iya ɗaukarsa Farisanci ko Urdu tunda baƙaƙen kusan ɗaya ne. Goge gilashin kyamarar, ka tsaya saitin allon ba ta gefe ba, ka tabbata har ƙaramin allon ƙasa ya shiga. Sannan kada ka tsaya a kan fassarar da ke motsi, danna ka ɗauki hoton ya tsaya cak, a nan za ka iya ganin rubutun asali da wayar ta karanto, kai kuma da ka iya baƙi sai ka gwada shi da allon. Ƙirga layuka, in allo layi uku ne fassara ta ba ka biyu, wanda ya ɓace shi ne abin nema. Da dare kada ka kunna fitilar waya, allunan titi suna mayar da haske, fari fat za ka gani.

Alamar da na fi yarda da ita kuma, matsa gaba kaɗan ko baya ka sake ɗauka. In ma'anar ta canza tsakanin hoto da hoto, to ba ta karanta ba, cinta take yi.

DirebanJidda:
Wannan gwajin na ƙarshe yana da kyau amma ba ya kama komai. "No standing" ɗin nan ko sau goma ka ɗauka haka zai fito, don ba karatun ne ya kuskure ba, zaɓin ma'anar ne. Ni abin da nake gaya wa baƙina, kalmomi kaɗan ne ke juya allo, ka haddace su da ido: ممنوع an hana, فقط kawai, ما عدا ko باستثناء ban da, مغلق a rufe, من da إلى daga da zuwa. In ka ga ɗaya a allo ba ka ga takwararta a fassara ba, yarda da idonka. Kuma ka dubi hoton da kibiyar, jan da'ira mai shuɗin ciki da layi ɗaya hana fakin ne, mai layi biyu a gicciye ko tsayawa ba a yi. Kibiyar ƙasa ita ke nuna daga ina hanin ya fara, waya ba ta fassara kibiya.

Wani abu kuma, kula da inda kake ɗaga waya. Kusa da shingen jami'an tsaro, ko ginin gwamnati, ko wurin sojoji, wanda ke gadi bai san fassara kake ba, hoto yake gani kana ɗauka, kuma an hana. Haka wajen da mata suke. Gara ka tambaya da baki.

Hajiya_Turai:
Wannan gaskiya ne, a ƙofar masallacin mata a Madina na ga an yi wa wata magana a kan ɗaga waya, ita kuma allon take son karantawa.

Sadiq_Fagge:
Ni fa har yanzu ina ganin an tsorata bawan Allah da yawa. Dubban mutane na zuwa ba su iya ko alif ba suna dawowa lafiya. Taswira ta kai ka, fakin kuma ka shiga na kuɗi ka huta.

DanXiaobei:
Sadiq waɗancan a motar ejan suke, wani ke karanta musu. Shi kuwa shi ne direba shi ne jagora, ga tsohuwa.

Maman_Ilham:
Ni tambayata ga Direba, in takardar da hannu aka rubuta fa? A masaukinmu na Madina mai gidan da biro yake rubuta sanarwa, ko sau ɗaya wayata ba ta karanta daidai ba.

DirebanJidda:
Rubutun hannu ki bar shi kawai Hajiya. Suna haɗe ɗigo biyu su zama ɗan layi, uku su zama kamar hula, س kuma a ja ta miƙe babu haƙora, kuma biyu da uku na hannu ba kamar na bugu suke ba, ukun wani ita ce biyun wani. Ko ni sai na ƙura ido. Ki ɗauki hoto ki tura wa wanda ya iya.

Abu_Hanan in ka tashi ka sa ranar a nan. Kuma a Makka shawarata kada ka nufi Harami da motar, ka bar ta a otal ko a babban fakin na Kudai ku hau bas, hanyoyin kusa ana rufe su lokutan salla, kuma wannan rufewar sau da yawa ba allo ba ne, jami'i ne da shinge.

Abu_Hanan:
In sha Allah zan sa. Malam Habu na fara bitar lambobin tun jiya. Saura tambaya ɗaya Malam Direba, bas ɗin Kudai ana iya shiga da keken guragu, ko sai na nemi tasi daga can?